Mudun da Aka Auna da Shi Tun Farko

A kasuwar hatsi, wanda ya ranci gero da babban mudu ba ya biya da ƙarami, domin mai kaya zai ce a dawo da mudun da aka auna da shi. Haka binciken tushe yake a ayyukan raya ƙasa. Shi ne awon da ake yi wa halin da jama'a ke ciki kafin a fara aiki, kuma amfaninsa ba ya bayyana sai ranar da aka sake awo bayan an gama, aka jera sakamakon biyu. Saboda haka takardar sharuɗɗan aikin da ake ba ƙwararren da aka ɗauko don binciken tana da mai karatu na biyu da akan manta da shi, wato wanda zai zo bayan shekara uku ya maimaita awon. Idan bai iya maimaitawa daidai ba, kuɗin farko sun tafi a banza, komai kyan rahoton.

A ɗauki misalin wani shiri na shekara uku a ƙauyukan Jigawa, wanda burinsa shi ne ƙara yawan yaran da ke samun abinci iri-iri. Jami'ar da ke kula da awon sakamako ta rubuta a takardar sharuɗɗa cewa ƙwararren zai gano "yanayin abincin yara" a gidaje 384 cikin mako shida. Jimlar ta yi kama da cikakkiya, amma ta bar abubuwa uku a buɗe: me za a auna, a kan mutum nawa, kuma a wane lokaci.

Na farko shi ne ma'aunin kansa. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya da asusun UNICEF suka fitar a 2021, ana duba yara 'yan wata 6 zuwa 23, kuma yaro ya kai mizani idan a jiya, dare da rana, ya ci daga aƙalla rukuni 5 cikin rukunan abinci 8. A tsohuwar ƙa'idar 2008, rukuni 4 ne cikin 7, domin ba a sa nonon uwa a lissafi ba. Idan ƙwararren farko ya bi tsohuwa, na ƙarshe ya bi sabuwa, alƙalumansu ba za su haɗu ba. Dole takardar ta faɗi ƙa'idar da za a bi da shekararta, da shekarun yaran, da wanda za a yi wa tambaya.

Harshe ma yana cikin ma'aunin. Kalmar "nono" a Hausa tana ɗaukar nonon uwa, tana kuma ɗaukar nonon saniya da ake dama fura da shi, alhali rukuni biyu ne daban a lissafin. Idan aka bar kowane mai tambaya ya fassara daga Turanci a ƙofar gida, ɗaya zai rubuta wannan, ɗaya ya rubuta wancan. Takarda mai kyau takan wajabta a rubuta tambayoyin da Hausa, a ba wani daban ya mayar da su Turanci don a ga inda ma'ana ta kauce, sannan a gwada su a ƙauyen da ba ya cikin waɗanda za a bincika.

Na biyu shi ne adadi. Lambar 384 ta shahara ne domin ita ke fitowa idan ana son a kimanta kaso guda ɗaya, da kuskuren da bai wuce maki 5 cikin ɗari ba, a kuma zaɓi mutane ɗaiɗai ta hanyar ƙuri'a. Wannan shiri kuwa canji yake son gani tsakanin awo biyu. A ce ana zaton yara 20 cikin ɗari ne ke kai mizani yanzu, ana fatan su kai 30. Don a gane wannan bambanci da tabbacin da aka saba nema, lissafi yana ba da kimanin yara 293 a kowane awo. Amma ƙauye-ƙauye ake zaɓa, kuma yaran ƙauye ɗaya kasuwarsu ɗaya, abincinsu ya yi kama, don haka akan ninka adadin. Idan aka ninka sau biyu ya zama 586. A ƙara tanadi don gida ɗaya cikin goma da ba za a samu amsa ba, sai ya kai kusan 650, wato ƙauyuka 30 da yara 22 a kowanne.

Akwai kuma tarkon da ya fi wannan ɓuya. Takardar ta ce gidaje, alhali yara ake aunawa. Idan gida ɗaya cikin huɗu ne ke da yaro ɗan wata 6 zuwa 23, gidaje 384 za su ba da yara 96 kacal. Ƙwararren ya cika alƙawarinsa, ba a da abin kama shi da shi, amma da yara 96 ba za a iya bambance ci gaba na gaske da dacen zaɓe ba. Alamar wannan matsala takan fito a ƙasan jadawalin rahoto, inda adadin waɗanda aka yi lissafi a kansu ya gaza wanda aka rubuta a shafin farko nesa ba kusa ba.

Na uku shi ne lokaci. A watan Agusta rumbuna sun yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, sabon amfani bai iso ba. A Nuwamba kuwa kaka ta yi, wake da gyaɗa sun shigo gida. Idan aka yi awon farko a Agusta, na ƙarshe a Nuwamba, shirin zai ɗauki yabon da na kaka ne. Idan aka juya, za a zarge shi da koma-bayan da bai jawo ba. Ya kamata takardar ta ambaci watan fita fili, ta kuma ce a wannan watan za a maimaita. Azumi ma abin dubawa ne, domin yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, kuma girkin gida yana canjawa a cikinsa ko da yara ba sa azumi.

Duk wannan yana tsayawa ne a kan abin da ƙwararren zai miƙa. Takardu da yawa rahoto kawai suke nema, sai bayan shekaru a tarar ɗanyen bayanan suna cikin kwamfutar mutumin da lambar wayarsa ta daina shiga. Jerin abin miƙawa ya kamata ya ƙunshi fom ɗin tambayoyin kamar yadda aka ɗora shi a KoboToolbox ko ODK, da bayanan kafin tacewa da bayanta, da takardar da ke bayyana ma'anar kowane layi, da sunayen ƙauyukan da yadda aka zaɓe su, da shaidar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike. Sunayen iyaye da yara kuma a ajiye su daban, a hannun waɗanda aka ba izini kawai.

Sai a ɗaure kuɗi da waɗannan. Kashin farko ya biyo bayan amincewa da tsarin aiki, inda ƙwararren ke da damar gyara lissafin adadi da hujja. Kashin ƙarshe kuma kada ya fita sai jami'ar ta buɗe bayanan da kanta, ta sake lissafa kason yaran da suka kai mizani, ta ga ya zo daidai da wanda ke cikin rahoto. Idan ita da ke zaune a ofishin ta kasa fitar da wannan lamba a yau, baƙon da zai zo bayan shekara uku ba zai fitar ba.