Ƙyalle Biyu a Karofin Ƙofar Mata

Ɗana, jiya tun daga wajen mabuga nake jiyo muryarka kuna sa-in-sa da abokin aikinka. Zauna in gaya maka abin da ya taɓa faruwa da ni a wannan karofi, da ake cewa tun 1498, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ake rini a cikinsa.

Shadda ce yadi goma ta wani mai biki, ni na tsoma, ta fito dabbare-dabbare. Wanda muke aiki tare, shi ne kuma ya karɓo kayan, ya taso mini a gaban baƙi, wai na tsoma a ruwan da ya mutu. Kunnuwana suka ɗau zafi, bakina ya bushe, kuma abin da ya zo mini a harshe ba zancen shadda ba ne, wani tsohon bashi ne da nake bin sa. Ka riƙe wannan alama. Duk sa'ad da ka ji "dama kai" ko "kullum haka kake" na shirin fita daga bakinka, to ka bar maganar aiki, ka koma neman inda zai yi masa ciwo.

A tsaye nake, sai na zauna a bakin ramin, kamar yadda Manzon Allah (SAW) ya hori mai fushi. Na yi a'uziyya a zuci. Zaman nan ya sa dole shi ma ya sunkuyo, kuma da wuya mutum ya ci gaba da daka tsawa a sunkuye.

Sannan na ce, "Yaya, abin da kake nufi ruwan ne ya lalace?" Ya ce e. Ka ga yanzu laifin ya tashi daga kaina ya koma kan abin da za a iya gwadawa. Na san shadda sabuwa tana zuwa da sitaci, in ba a wanke ba baba ba ya kama ta bai ɗaya. Amma ban faɗa ba, domin wankin aikinsa ne, kuma da na faɗa a gaban mutane da rantsuwa zai yi, wanda ya rantse kuwa ba ya iya janyewa. Na yanko ƙyalle biyu daga ragowar farin yadin, na wanke ɗaya, na tsoma su a ramin nan dai. Suka fito kore, iska ta buga su suka juye shuɗi, wankakken sumul, ɗayan da tabo.

Ya daɗe yana kallon su. Ban ce uffan ba, wallahi shirun nan ya fi mini komai wuya a ranar.

Da ya kai ga ambaton iyaye, da ban tsaya gwaji ba, tashi zan yi in kai wa Sarkin Karofi ƙara bayan La'asar. Bai kai can ba. Muka sake tsoma shaddar har ta yi duhu, tabon ya ɓace, shi ya biya kuɗin bugu.