Tsiron alkama da ɗanyen tsiron wake: abin da ya faru da ɗaya daga cikinmu

Bayan zamanmu na wata da ya gabata, wata 'yar uwarmu da ke zaune a nan Sabo, Ibadan, ta tsare mu a bakin ƙofa da wata tambaya. Da izininta muke kawo maganar nan, ba tare da ambaton suna ba, domin mun lura ba ita kaɗai abin ya shafa ba.

Ɗanta mai shekara 7 ya daɗe yana fama da gudawa da kumburin ciki, ga rama, ga ƙarancin jini. Bayan yawon asibiti mai tsawo, likita ya tabbatar cewa cutar siliyak ce, wato jikin yaron ba ya jituwa da wani sinadari da ke cikin alkama mai suna gulutin. Duk lokacin da ya ci, garkuwar jikinsa sai ta afka wa bangon ƙaramin hanjinsa, abinci ya daina shiga jiki yadda ya kamata. Aka hana shi burodi da taliya da fanke da alkubus da tuwon semo. Cikin 'yan watanni yaro ya murmure, har kumatu suka fito.

Sai wata maƙwabciya ta nuna wa uwar wani bidiyo a waya, inda ake cewa idan aka jiƙa alkama ta tsira, gulutin ɗin ya mutu. Uwa kuwa tausayin ɗanta take ji, kullum yana kallon 'yan uwansa suna cin funkaso. Ta sayo mudu guda na alkama a kasuwar Bodija, ta jiƙa ta kwana, ta tsane, ta rufe da tsumma mai laima har kwana uku, ta shanya, ta kai niƙa. Ta yi masa funkaso sau huɗu cikin mako biyu. Gudawa ta dawo.

"Malam Sakatare," in ji ta, "ni ce ban iya tsirarwar ba, ko kuwa maganar ce ba gaskiya ba?"

Muka ce, "Hajiya, ba mu mako guda mu bincika." Mun zauna da wani ɗan ƙungiyarmu ma'aikacin lafiya, mun yi karatu, ga abin da muka fahimta.

Hajiya ta iya tsirarwa, maganar ce ba daidai ba. Gaskiya ne idan ƙwaya ta fara tsira tana narkar da wani ɓangare na abincin da ta tara domin ta ciyar da ɗan tsiron, kuma gulutin yana cikin abin da take taɓawa. Amma taɓawa daban, cinyewa daban. Ma'aunin da hukumar Codex ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi ne, kafin a ce abinci ba shi da gulutin, kada ya wuce miligiram 20 a cikin kilo ɗaya. Kilo ɗaya na garin alkama kuwa yana ɗauke da gulutin kimanin giram 80, wato miligiram 80,000. Mu ɗauka ma tsirarwa ta cinye kashi tara cikin goma, abin da tsiron kwana uku a gida ba ya kaiwa ko kusa. Saura miligiram 8,000, ninki 400 na abin da aka yarda da shi. Wannan lissafin kaɗai ya isa.

Akwai kuma shaidar da kowace mai girki za ta iya gani da idonta. Funkason Hajiya ya tashi, ƙullun kuma ya yi danƙo yana jawuwa. Wannan danƙon shi ne gulutin. Idan aka kwaɓa garin alkama da tauri, aka bar shi ya huta kamar rabin awa, sannan aka riƙa matsa shi a cikin ruwa har farin ya fita, abin da ya rage a hannu mai kama da cingam shi ne sinadarin da muke magana a kai. Sai dai a kula, wannan gwajin yana nuna akwai ne kawai. Idan ba a ga danƙo ba, hakan bai nuna babu ba, domin gulutin da ya farfashe yana iya cutar da mai siliyak ko da ya daina jawuwa.

Abin da tsiro ba ya cirewa, ba ya kuma ƙarawa. Gero da dawa da masara da shinkafa da acca ba su da gulutin tun asali, ko sun tsira ko ba su tsira ba. Saboda haka kunun zaƙin da aka yi da gero da tsiron shinkafa ko busasshen dankali ba shi da matsala ga irin wannan yaro. Inda ake samun tuntuɓe wuri uku ne. Na farko, wasu masu kunu suna ƙara alkama a cikin haɗinsu, don haka a tambaya kafin a saya. Na biyu, injin niƙa: idan aka zuba geronka bayan alkamar wani, garinka ya ɗauki saura, kuma mun ga yadda ma'aunin yake da ƙanƙanta. Hajiya yanzu ta sayi ɗan ƙaramin injin gida da ba a saka masa alkama ko kaɗan. Na uku, lemon malt da garin shayi masu ɗauke da malt. Malt ba komai ba ne illa hatsin da aka tsirar aka busar, kuma yawanci sha'ir ne, shi ma yana da gulutin. Idan an ga kalmar barley ko wheat ko rye a jikin gwangwani, a ajiye shi.

Ga wanda yake zargin yana da wannan cuta, ma'aikacin lafiyarmu ya ja kunne cewa kada ya daina cin alkama kafin a yi masa gwajin jini. Idan ya daina, gwajin yana iya fitowa lafiya lau alhali cutar na nan.

Bidiyon da ya yaudari Hajiya bai tsaya a kan alkama ba. Ya kuma ce a tsirar da wake a zuba a kan salak a ci ɗanye. Da muka tambaya a zaman mata, sai ga mutum uku sun ce sun fara gwadawa. Wannan ya fi tayar mana da hankali, domin ya shafi kowa, ba mai siliyak kaɗai ba.

Matsala ta farko ƙwayoyin cuta ne. Abin da iri yake buƙata ya tsira, wato ɗumi da laima na kwana biyu zuwa biyar, shi ne daidai abin da ƙwayoyin cuta irin su Salmonella da E. coli suke buƙata su hayayyafa. Sau da yawa tun daga gona ko wurin shanya suke maƙale a jikin irin, a cikin tsagar ɓawonsa inda wanki ba ya kaiwa. Kaɗan ne a busasshen wake, amma kafin tsiro ya fito sun ninka ba adadi. Tsaftar ɗakin girki ba ta hana wannan, kuma tsiron zai iya yin kyau, ba wari ba yauƙi, alhali yana ɗauke da cuta. A shekarar 2011 an yi annobar E. coli a ƙasar Jamus, mutane kusan 4,000 suka kamu, fiye da 50 suka mutu, da yawa ƙodarsu ta taɓu. Da aka bi diddigi, sai aka gano ɗanyen tsiron hulba ne, hulbar nan da muka sani. Idan haka ta faru a ƙasar da firji ba ya rasa wuta, sai mu duba namu yanayin a nan Kudu, inda laima ke sa burodi ya yi fumfuna cikin 'yan kwanaki.

Matsala ta biyu tana cikin waken kansa. Ɗanyen wake yana da wasu sinadarai da ke hana cin sa ɗanye, kuma tsirarwa tana rage su ne kawai. Wanda ya fi haɗari shi ne jan waken nan mai siffar ƙoda da ake sayarwa a manyan kantuna. Ƙwaya huɗu ko biyar da aka jiƙa ba a dafa ba sun isa su sa mutum amai mai tsanani da gudawa. Tafasa mai ƙarfi ce ke kashe gubar, aƙalla minti 10 yana ɓararraka, sannan a ci gaba da dafawa har ya yi laushi. Ɗumamawa a ƙaramar wuta ba ta wadatar ba. Waken da muke shukawa a Arewa, fari da ja, jinsinsa daban ne kuma gubarsa ba ta kai haka ba, amma shi da waken suya duk sai an dafa su, ko sun tsira ko ba su tsira ba.

Lokacin da ciwo ya fara yana iya nuna wanne ne. Idan amai ya zo cikin awa ɗaya zuwa uku bayan cin ɗanyen wake, galibi gubar waken ce, kuma takan lafa a ranar. Idan kuwa sai bayan kwana ɗaya zuwa huɗu ciwon ciki da gudawa suka zo, wataƙila har da zazzaɓi, an fi zargin ƙwayoyin cuta. Da zarar an ga jini a bayan gida, ko fitsari ya ragu, ko yaro ya galabaita, a tafi asibiti nan take, kuma a gaya wa likita abin da aka ci.

Ba mu ce a daina tsirar da wake ba. Wake mai tsiro ya fi saurin dahuwa, kuma wasu sun ce ba ya kumbura musu ciki sosai. A yi amfani da waken ci, ba irin shuka ba, domin irin shuka sau da yawa an yi masa wankan maganin ƙwari. A riƙa ɗauraye shi safe da yamma a tsane ruwan sarai, a zubar da duk wanda ya yi yauƙi ko wari. Sannan a dafa shi a miya ko fate ko a cikin shinkafa har ya nuna. Mai juna biyu da ƙananan yara da tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki kuwa, kada a ba su ɗanyen tsiro kowane iri, ko na wake ko na hulba.

Masu kiwo a cikinmu sun ƙara mana abu guda game da dawa. Sun san ƙaramar dawa da ta fito sabuwa tana kashe dabba idan ta ci, saboda guba da ke cikin ɗanyen tsironta. Shi ya sa iyayenmu idan sun tsirar da dawa sai sun shanya ta bushe ƙarau, sun murje saiwa da tsiron sun sheƙe, kafin su niƙa. Kada a tsallake wannan matakin.

Mun koma wurin Hajiya da wannan bayani. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To sauran garin fa, Malam?" Muka ce sauran mutanen gida su ci abinsu, amma a ware wa yaron kaskonsa da ludayinsa da man suyarsa. A makon jiya ta aiko mana cewa gudawar ta tsaya, kuma yanzu wainar shinkafa take yi masa duk ranar da ake funkaso a gidan.