Takardar da ta kusa kayar da ni a tichin firaktis

'Yan uwana ɗaliban FCE Potiskum da za ku fita koyon koyarwa, ku zo ku ji.

Wata makaranta a Dogo Nini aka tura ni, ina koyar da Hausa a aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Darasin ranar gajeriyar mallaka ce, wato -n da -r: wandon Audu, rigar Binta. Na buga takardar aiki mai gurabe goma, yara suka cike tsaf, ina ta washe baki. Sai malamin da ya zo duba ni ya ce kowa ya rubuta jimla ɗaya daga kansa. Wallahi kusan rabin ajin "motan Baba" da "rigan Inna" suka rubuta, yadda muke faɗa a unguwa. Ya dube ni ya ce, "Malam, wayon cike gurbi ka koya musu."

Gaskiyarsa. Duk kalmomin da na sa masu ƙarewa da "a" mata ne, yara suka gane dabarar ba tare da sun yi tunanin jinsi ba.

Daren nan na sake takardar, na kasa ta uku.

Kashi na farko, ganewa, minti 8. Labari ne mai jimla shida a kan Audu ya raka kawunsa kasuwar shanu. Ba su rubuta komai: su ja layi ƙarƙashin -n, su zagaye -r. Na cusa "naman sa" da "ruwan randa" da gangan, don su ga nama da ruwa maza ne duk da "a" ɗin ƙarshe. Su da kansu suka fito da gwajin: in kalma mai ƙarewa da "a" ta karɓi "ce", -r take ɗauka.

Kashi na biyu, atisaye, minti 12. Gurabe huɗu na zaɓi tsakanin -n da -r, sai huɗu da za su haɗa kalma biyu da kansu: hula da Musa, gida da Kaka. Na ƙarshe jam'i ne, riguna da Binta, domin jam'i -n yake ɗauka ko da tilonsa mace ne.

Kashi na uku, minti 15, babu gurbi babu misali. Da farko na rubuta "Ba da labarin gidanku", sai na lura yaro zai iya cika shafi yana kauce wa abin da nake nema. Na mayar da shi: "Kaya sun cakuɗe a igiyar shanya. Rubuta jimla biyar ka faɗi abin da ka tsinto wa kowa."

Da malamin ya dawo, kashi na ukun kawai ya karanta. Ya tarar da "hular Yaya", ya kuma tarar da "tabarman Inna" har sau uku. Ya ce in fara darasin gobe da tabarmar nan.