Daga MSAA zuwa TAA: abin da muke biya don gefen hoto ya yi sumul

Waɗanda suka yi wasan kwamfuta a shekarun Half-Life 2, wato daga 2004 zuwa ɗan gaba, za su tuna wani layi a shafin saiti mai suna Anti-Aliasing, wanda mutum kan tsaya a kansa ya yi ta shawara da zuciyarsa: a bar shi a kashe, ko a sa 2x, ko a yi ƙuru a kai shi 4x a ga ko katin hoto zai jure. In ka ɗaga shi, nan take za ka ga gefen rufin gida da bakin bindiga sun miƙe sun yi sumul, nan take kuma za ka ji wasan ya ɗan yi nauyi a hannunka. Ciniki ne na ido da ido, ka san abin da ka bayar, ka san abin da ka karɓa. Yau wasanni da yawa ba su ma ba ka damar kashe shi.

Ƙannena da ba ku riski wancan zamani ba, ga inda matsalar ta samo asali. Allo ɗigo-ɗigo ne masu kusurwa huɗu, fiksil-fiksil, duk abin da ke cikin wasa kuma da alwatika aka gina shi. In ba a yi wata dabara ba, katin hoto wuri ɗaya tak yake dubawa a tsakiyar kowane fiksil, ya tambaya ko alwatika ta rufe wurin ko ba ta rufe ba. Babu rabi, babu kwata. Shi ya sa layin da ya karkata yake fitowa kamar haƙoran zarto, in kyamara ta motsa kuma haƙoran su riƙa rarrafe a kan gefen. Abin ya fi muni ga siraran abubuwa. Ɗauki wayar lantarki da ta ratsa sararin sama can nesa, wadda kaurinta a allo bai wuce rabin fiksil ba: a wani fiksil ta faɗa kan tsakiya a gan ta, a na gaba ta kauce ta ɓace, sai ta fito guntu-guntu tana ƙyaftawa. Da wannan wayar zan auna duk dabarun da ke tafe.

Dabarar farko ta ƙarfi ce zalla. A SSAA ana zana hoton gaba ɗaya da ɗigo ninki huɗu, a lissafa launi da haske na kowanne, sannan a haɗa huɗu su zama ɗaya. Katin Voodoo5 na kamfanin 3dfx, wanda ya fito a 2000, ya yi suna da irin wannan, kuma har gobe babu hoton da ya fi na SSAA tsabta, domin komai yake gyarawa, gefe da ciki. Sai dai aikin fiksil ya ninka huɗu, kuma ba kowa ke da injin da zai ɗauka ba.

MSAA ce ta kawo sauƙi, kuma ta yaɗu a katunan gida daga GeForce 3 a 2001. Hikimarta tana burge ni har yanzu. Masu ƙirar sun lura cewa tambayoyi biyu ake yi wa kowane fiksil, ɗaya mai arha ɗaya mai tsada. Mai arhar ita ce wace alwatika ta rufe nan, wacce kuma ke gaba da wacce. Mai tsadar ita ce wane launi wurin zai ɗauka bayan an lissafa zanen jikin abin da hasken da ke dukansa. Sai suka ce a yi mai arhar sau huɗu a wurare huɗu cikin fiksil, mai tsadar kuwa sau ɗaya ga kowace alwatika da ta taɓa shi. A tsakiyar bango, inda alwatika ɗaya ta rufe wuraren huɗu duka, launin da zai fito daidai yake da na da, don haka zanen bangon yana nan garau, ba a taɓa shi ba. A gefe kaɗai ake gauraya. Wayarmu ta lantarki yanzu takan kama wajen biyu daga cikin huɗun a yawancin fiksil, sai ta fito siririya, ɗan dishi-dishi, amma a haɗe daga turke zuwa turke, ko kana tsaye ko kana gudu.

MSAA ba kyauta ba ce, memori take ci. Xbox 360 ta 2005 ta zo da wata 'yar ma'adana mai sauri ta megabait 10 domin zanen hoto. Hoton 1280 da 720 fiksil 921,600 ne, kowanne yana buƙatar bait 4 na launi da bait 4 na zurfi, jimilla megabait 7 da 'yan kai, ya shiga lafiya. Da ka kunna 2x ya haura 14, da 4x ya doshi 30. Dole a yanka hoton gida biyu ko uku a zana kowanne daban, duk alwatikar da ta ratsa iyakar yanka kuma a sarrafa ta fiye da sau ɗaya. Wannan na cikin dalilan da suka sa wasu wasannin wancan zamani suka gwammace su sauko ƙasa da 720 domin komai ya shiga a zubi ɗaya.

Kuma akwai abin da MSAA ba ta gani sam, domin gefen alwatika kawai ta sani. Ganyen bishiya da ciyawa da shingen waya yawanci hoto ne mai huji-huji da aka manna a kan fallen alwatika, gefensu a cikin zanen yake, don haka sukan ci gaba da ƙyafce-ƙyafce sai an ƙara musu wata dabara ta daban. Ƙyallin rana a jikin ƙarfe ma haka, tunda daga lissafin launi yake fitowa, wanda sau ɗaya ake yi. A lokacin mun haƙura da wannan, don duniyar wasannin ba ta da cunkoso: bango da dakali da bishiyu ƙalilan. Yanzu daji guda ake zubawa a allo, kowane ƙarfe yana ƙyalli.

Abin da ya karya lagon MSAA shi ne sauyin yadda ake haska duniya. Masu ƙira sun so fitilu da yawa a fage ɗaya, sai wasanni irin su S.T.A.L.K.E.R. na 2007 da Killzone 2 na 2009 suka bi hanyar jinkirta haske: a fara ajiye bayanan kowane fiksil a shafuka da dama, launinsa da inda fuskarsa ta kalla da santsinsa da zurfinsa, daga baya a zo a haska. In za a yi MSAA a nan, duk shafukan nan sai sun ninka huɗu, a gefuna kuma sai an lissafa haske ga kowane wuri daban, domin ba a iya gauraya fuskar da ta kalli gabas da wadda ta kalli sama a sami abu mai ma'ana. Arhar da ta sa aka so ta ta tafi.

Daga nan aka shiga zamanin gyara bayan an gama. MLAA, wadda Alexander Reshetov na Intel ya gabatar a 2009 kuma God of War III ya yi amfani da irinta a 2010, da FXAA ta Timothy Lottes na Nvidia, da SMAA ta Jorge Jimenez da abokan aikinsa, duk kallon hoton da aka kammala suke yi, su nemi inda haske ya yi tsalle tsakanin maƙwabta, su shafe wurin. Arha ce ƙwarai: a wasan da ke gudu da firem 60 a daƙiƙa, kowane firem yana da miliseken 16.7, FXAA kuwa wajen ɗaya take ci ko ƙasa da haka. Amma ba ta san alwatika ba, ba ta bambance gefen rufi da zanen tubali, shi ya sa takan dusashe hoton baki ɗaya. SMAA ta fi ta kaifi nesa ba kusa ba. Dukkansu dai ba su iya dawo da abin da ba a zana ba. Wayarmu ta koma guntu-guntu, an dai goge wa kowane guntu baki.

TAA ta zo da amsa mai wayo, kuma bayan Brian Karis ya bayyana yadda Unreal Engine 4 ke yin ta a taron SIGGRAPH na 2014, sai ta zama ruwan dare. Maimakon a duba wurare huɗu a firem ɗaya, sai a duba wuri ɗaya, amma a kowane firem a gusar da kyamara ƙasa da faɗin fiksil, ta yadda cikin firem takwas an leƙa wurare takwas. Injin yana riƙe da lissafin inda kowane abu yake a firem da ya wuce, ya jawo tsohon launin zuwa sabon matsayi, ya gauraya, misali kashi 90 na tsoho da 10 na sabo. In ka tsaya cak, sakamakon yana kusantar SSAA a kan farashin miliseken ɗaya ko biyu. Ganye ya natsu, ƙyallin ƙarfe ya daina rawa, wayar ta haɗu. Ba na raina wannan ko kaɗan, ta magance abin da MSAA ta kasa shekara da shekaru.

Motsi ne ke tona ta. Da waccan gauraya, launin da ya shiga tarihi ba ya fita da wuri: bayan firem 10 saura kashi 35 nasa, sai an yi firem 22 kafin ya sauko ƙasa da kashi 10. A firem 60 wannan ya ɗan haura sulusin daƙiƙa, a firem 30 ya doshi kashi uku cikin huɗu na daƙiƙa. In mutum ya gifta gaban farin bango, inuwarsa za ta biyo shi a baya. Maganin da aka yi shi ne a duba fiksil tara da ke kewaye a sabon firem, in tsohon launi ya fita daga iyakarsu a datse shi. Wannan yana rage inuwar, amma siririn abu yake cutarwa: a firem ɗin da wayar ta kauce wa dukkan taran, sai injin ya ɗauka tarihinta kuskure ne ya watsar. Ga kuma jawo tsohon hoto da ake yi, wanda ba safai yake faɗawa daidai kan fiksil ba, kowane jawowa yana ɗan shafe shi, shafewar tana taruwa. Shi ya sa a allon 1080 ciyawa kan zama kore mai laushi da zarar ka fara tafiya, ta dawo da kaifinta bayan ka tsaya. A 4K abin bai cika damun ido ba, don fiksil ɗin sun yi ƙanana.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙofar komawa ta rufe. Gashin kai da inuwa mai laushi da hoton da ruwa ke maidowa, yanzu da gangan ake zana su tsalli-tsalli da rabin aiki, an dogara TAA za ta cike gurbin. Ka kashe ta, ka ga gashi ya zama ɗigo-ɗigo. DLSS 2 ta 2020 da FSR 2 da XeSS na 2022 duk 'ya'yan wannan gida ne, sun ƙara da cewa ana iya zana 1440 a fitar da 4K, kuma sun fi TAA ta farko iya zaɓen abin da za a riƙe daga tarihi. A nan gyaran gefe har sauri yake ƙara wa wasa, abin da ba mu taɓa mafarkinsa ba a 2004.

Don haka hoton tsaye da ake nunawa wajen kwatanta waɗannan dabaru rabin labari ne. Wanda yake son ya gani da idonsa, ya nemi waya ko shinge a gaban sararin sama, ya tsaya ya kalla, sannan ya yi tafiyar gefe a hankali idonsa na kan wurin, ya kuma lura da bayan duk abin da ya gifta. MSAA kuwa ba ta mutu ba. Counter-Strike 2 na 2023 yana da ita a saiti, don mai harbi yana buƙatar ganin kan abokin gaba garau yana cikin gudu. Half-Life: Alyx na 2020 ma ita ya zaɓa, tunda kan mai sanye da tabarau na VR ba ya tsayawa wuri ɗaya. A wayoyin hannu kuma, inda injin hoto ke zana allo ƙaramin yanki bayan ƙaramin yanki a cikin ma'adanarsa mai sauri, ana haɗa wuraren huɗun tun kafin su fita zuwa babbar memori, shi ya sa 4x ba ta da tsada a can.