Shafi Ɗaya Da Ke Riƙe Mini Hannu

A kakar 2024 na kwashe duk ajiyata na sayi gero a Babura, don kowa na cewa zai ƙara tsada. A 2025 farashin hatsi ya karye, kuɗin haya ya taso, na sayar da asara. Laifin ba na kasuwa ba ne. Ni ne na shiga ban yanke ranar fita ba.

Daga nan na rubuta wa kaina doka a shafi ɗaya. Burina shi ne fili a Kazaure cikin shekara 5. Duk ranar albashi ina cire naira 45,000 kafin cefane, wato miliyan 2.7 a wata 60, ko babu riba.

Na kuma ja iyaka. Kuɗin ciyar da gida na wata 6 ba ya shiga kasuwa. Hatsi ba ya wuce sulusin jarina. Sauran na raba tsakanin tumakin kiwo a Roni da Sukuk na Gwamnatin Tarayya, wanda aka fara fitarwa a 2017.

Layin ƙarshe ya fi wuya: sau biyu kawai nake duba lissafi, a Yuni da Disamba. Geron da ya kai Yuni a rumbu, sayarwa zan yi ko nawa ake saye.

Yayana ne shaida. Duk ranar da jita-jitar kasuwa ta ɗebe ni, tambayarsa ɗaya ce: “Ƙanena, me takardar ta ce?”