Ɗinkin Tari a Muryar Dattijo

Tun da muka soma naɗar muryoyin dattawanmu na nan Sabo, masu ba da labarin fataucin goro da yadda iyayenmu suka sauka Ibadan, abu biyu ke ɓata mana aiki: tari da ƙarar waya. Tsoho ɗan shekara tamanin ba ya magana minti goma bai yi tari ba. Kuma ba a ce masa "Baba, a maimaita", don in ya maimaita, labarin ya riga ya huce.

Yaranmu masu kwamfuta sun nuna mana manhajar Audacity, wadda kyauta ce. Tana zana murya a allo kamar kunyoyin gona, tarin kuwa ya fito kamar suri a tsakiyarsu. Wanda ya gan shi, hannunsa zai yi ƙaiƙayi ya zaɓe shi ya danna Ctrl+L, ya mai da wurin shiru. To a nan ake ɓata aiki. Ɗakin da muka zauna da Baba ba shiru yake ba. Fanka na juyawa, janareton maƙwabci na gunji, ga hayaniyar titi daga nesa. Kunne ya saba da su har ya daina jin su, amma da zarar an ɗauke su na sakan ɗaya, sai mai sauraro ya ji kamar ya taka rami. Wani ma sai ya duba wayarsa, ya zaci ta mutu.

Maganin shi ne a yi faci da shirun ɗakin kansa, kamar yadda tela ke neman ƙyalle daga cikin rigar da ta yage. Shi ya sa yanzu kafin a fara hira muke roƙon kowa ya kame bakinsa na minti ɗaya, na'ura na ɗauka. Wannan mintin ya fi hirar wuya, wallahi, don mutanenmu ba su iya zama ba gaisuwa.

Ga misali. Wani dattijo ya ce "muka sauka tashar jirgi", ya yi tari, sannan ya ci gaba "ba mu san kowa ba". Mun buɗe wurin sosai a allo. Tarin da kansa bai kai sakan ɗaya ba, amma ɗakin siminti ne, yana da amsa-kuwwa, sai da muka haɗa da jelar tarin har inda ta mutu, ya zama sakan ɗaya da rabi. Numfashin da ya ja kafin "ba mu san" mun bar masa abinsa, don magana ba numfashi ba ta yi kama da ta mai rai. Muka kwafo shiru daidai sakan ɗaya da rabi da Ctrl+C, muka zaɓi tarin, muka danna Z don bakin yankan ya faɗa inda igiyar sauti ta ratsa layin tsakiya, sannan Ctrl+V. In ba a danna Z ba, sau da yawa a kan ji "ƙas" a bakin ɗinkin.

Me ya hana a yanke kawai a haɗe bakin biyu? Ai dattijon ya ɗan tsaya a wurin ne, yana tuna ranar da ya sauka baƙo. In aka haɗe, sai ya zama mai sauri kamar ɗan talla, kuma ba haka ya faɗa ba.

Shirun ma sai an zaɓa. In an ɗauke wuta a tsakiyar hira, fanka ta tsaya, janareto ya tashi, shirun da muka naɗa da farko ya tashi aiki. Sai a nemi wani kusa da tarin, tsakanin jimla da jimla. A saurare shi tukuna, kada ya zamana akwai hon ɗin okada a ciki, don mai sauraro zai ji hon ɗaya sau biyu. Muna gwada aikin da abin sauraro a kunne, ido a rufe, daga sakan goma kafin ɗinkin. In wanda bai san wurin ba ya kasa nuna shi, ya yi.

Waya ta fi tari mugunta. Mai tari yakan daina magana, amma waya tana ƙara ne a kan maganar mutum. In ta hau kalma, ba mu taɓa wurin. Hausa ba ta yafe a rage mata tsawon wasali: ka ɗan gutsure "gashi" na kai, sai ya koma gashin nama. Gara a ji waya ta yi kuka a ji kalmar Baba cikakkiya. Asalin naɗin kuwa muna ajiye shi daban, kwafi muke yanka, don biyu daga cikin dattawan da muka naɗa bara sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu.