Ranar da Ƙarfen Haƙa Ya Faɗa Cikin Dutse

A shekarar 2012 ina ajin ƙarshe na karatun injiniyan gine-gine a Malesiya, aka tura ni koyon aiki wani fili da ake shirin gina dogon bene a gabashin Kuala Lumpur. Aikina ba shi da yawa. In tsaya kusa da injin haƙa da littafi a hannu, in rubuta zurfin da aka kai da irin ƙasar da ta fito. Mai riƙe da injin wani dattijo ne ɗan ƙasar, kowa Pakcik yake ce masa, wato kamar mu ce Baffa.

Kafin a taɓa dutse, ana gwada ƙwarin ƙasa ne da guduma mai nauyin kilo 63.5. A ɗaga ta santimita 76 a sake, a ƙirga bugu nawa za a yi kafin bututu ya nutse santimita 30. A ramin farko lissafi ya tafi yadda aka koya mana a aji, ana ƙara zurfi ƙasa na ƙara tauri, daga bugu takwas zuwa goma sha biyar, har muka ci karo da dutse a mita 12. Muka matsa gefe kamar mita biyar muka sake haƙawa. Muka wuce mita 12, muka wuce 20, babu dutse babu alamarsa. Da muka kai wajen mita 28 sai ƙasar ta yi laushi kamar kunu, bututu ya nutse da nauyin kansa ba a buga ko sau ɗaya ba. Na rubuta sifili hannuna na rawa, don na ɗauka kuskure na yi. Sai a mita 31 aka taɓa dutse.

Aka ci gaba da huda dutsen kansa. An yi kamar mita biyu a cikinsa, sai na ji ƙarar injin ta sauya, ƙarfen haƙa ya sulale ƙasa fiye da tsayin mutum a lokaci guda. Ruwan da ake turawa don sanyaya bakin ƙarfen, wanda tun safe yake dawowa sama fari fat kamar nono, ya ɗauke ɗif. Pakcik ya kashe injin, ya dube ni ya ce, "Ɗana, rubuta kogo. Daga mita 33 zuwa 35."

Na ce, "Pakcik, kogo a tsakiyar dutse? Wa ya haƙa shi?"

Bai amsa nan take ba. Ya ɗauko guntun dutsen da muka ciro, ya zaro wata 'yar kwalba daga aljihu, ya ɗiga masa ruwan asid da aka tsarma. Nan da nan wurin ya hau kumfa yana tsuwa. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne madafin mahaifiyata a Sakkwato, yadda kanwa ke tashi idan ta haɗu da ruwan tsamiya. Ashe dangin abu ɗaya ne. Dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake fasawa a Kalambaina a yi siminti da shi, kuma duk abu mai tsami yana cin sa. Ya ce ruwan sama ne ya haƙa kogon, in kuma ina son ganin cikinsa da idona, in je Batu ranar hutu.

Na je. Dutsen Batu yana arewa da birnin, tafiyar kamar kilomita 13, wani ƙaton curin farar ƙasa mai shekaru kusan miliyan 400 da ya miƙe tsaye a tsakiyar fili. Mabiya addinin Hindu suna da wurin ibada a ciki, amma kowa na shiga. Na hau matakala 272 ina haki, birai na bina suna leƙen leda. Da na shiga sai na manta da gajiya. Rufin kogon ya yi nisan da sai ka ɗaga kai har hula ta faɗi, duwatsu masu tsini na reto daga sama kamar hantsar saniya, ruwa na ɗiga daga bakinsu ɗaya bayan ɗaya. Can ƙurya kuma babu rufi ko kaɗan. Ya rufta tun zamanin da ba wanda ya sani, hasken rana na zubowa ta saman, itatuwa sun tsiro a gefen bakin.

A nan ne karatun da na haddace don jarrabawa ya zauna mini. Ruwan sama tun yana sauka yake haɗiye iskar kabon da ke sararin sama, irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, sai ya ɗan yi tsamin da harshe ba ya ji. Babban tsamin a ƙasa yake samo shi. Saiwoyi na numfashi, ganye na ruɓewa, don haka iskar da ke cikin ƙasa takan ɗauki kabon ninki goma ko fiye na wanda ke sarari. Ruwan da ya ratsa ta nan ya isa ga dutse, sai ya narkar da shi ya tafi da shi, kamar yadda ake rubutawa:

CaCO₃ + H₂O + CO₂ ⇌ Ca²⁺ + 2HCO₃⁻

Kibiyar tana da kai biyu, kuma duka biyun na gani a Batu. Inda ruwa ya ƙoshi da kabon, yana cin dutse. Inda ya ɗigo cikin kogo ya sha iska, kabon ya fice, sai ya ajiye ɗan abin da ya ɗauko, da haka waɗancan tsinaye ke tsawo, galibi abin da bai kai milimita ɗaya ba a shekara. Farin ɓawon da ke kama gindin tukunyar dafa ruwan rijiya shi ne wannan ajiyar.

Da daddare na zauna na yi lissafi, don na ji a jikina yawan lokacin da abin ke ci. Kuala Lumpur na samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara. A ce rabinsa ne ya nutse ƙasa, wato lita 1,000 a kan kowane fili mai mita ɗaya tsawo da faɗi. A ce kowace lita ta narkar da kashi ɗaya cikin biyar na giram. Giram 200 ke nan a shekara, wanda in an shimfiɗa shi bai kai kaurin santimita takwas ba a shekara dubu. Da ruwan yana cin dutsen daidai wa daida, da ba za a taɓa samun kogo ba, sai dai dutsen ya yi ta raguwa a hankali. Amma ruwa tsaga yake bi. Tsagar da ta ɗan fi sauran faɗi ita ke jan ruwa da yawa, yawan ruwan ya ƙara buɗa ta, buɗuwar ta ƙara jawo ruwa, har ta ƙwace rabon maƙwabtanta. Shi ya sa fuskar dutsen da ke ƙarƙashin birnin ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Tsinaye ne da kwazazzabai, kamar haƙoran zarto, ƙasa ta lulluɓe su. Raminmu na farko ya sauka a kan tsini, na biyu ya faɗa kwazazzabo. Masu haƙar kuza, waɗanda su ne suka kafa garin tun 1857, sun daɗe da sanin haka, domin in sun kwashe ƙasa tsinayen ne ke bayyana. Ko tagwayen benayen Petronas sai da aka matsar da wurin gina su kusan mita 60 saboda wannan dutse, aka kuma kafa su a kan ginshiƙan da wasunsu suka wuce mita 100 a ƙasa.

Bayan wata biyu aka fara haƙa gindin benenmu, inda za a ajiye motoci. Ruwan ƙasa a wurin bai fi mita biyu daga sama ba, sai aka sa injunan zuƙa suna aiki dare da rana, har ya sauka kamar mita shida. Pakcik ya nuna damuwa tun ranar da ya ga ruwan da injin ke fitarwa ya daina zama garai-garai ya koma ja. Ya ce mini, "Wannan ƙasar da kake gani a cikin ruwa, daga wani wuri take fitowa, kuma ta bar gurbi a can." Ya kai maganar gaba, aka ce jadawalin aiki ba zai jira ba. Har yau abin na yi mini ciwo, domin alamu ba su ɓuya ba. Turken wutar da ke bakin shinge ya ɗan karkata. Ƙofar ɗakin mai gadi ta fara cijewa. A kan kwaltar hanyar shiga wata siririyar tsaga ta zagaya ta yi da'ira, kuma ruwan da ya saba kwanciya a wurin bayan an yi sama ya daina kwanciya.

Wata Talata da yamma aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da ya tsagaita na fito zan tafi gida, sai na ji wani sauti mai nauyi, kamar an jefar da buhun hatsi daga saman mota. Na waiga. Inda tsagar nan take babu kwalta, sai rami mai faɗin kamar mita huɗu, gefensa a tsaye kamar rijiya, rabin ɗakin mai gadi na reto a bakinsa. Allah ya kiyaye, mai gadin ya tafi sallar Magariba. Na daɗe a tsaye ƙafafuna sun ƙi motsi, domin da safe ta nan na taka.

Abin da ya ba ni mamaki da na leƙa shi ne ban ga dutse ba, ƙasa ce kawai. Na zaci rufin kogo ne ya karye kamar na Batu. Ba haka ba ne, kuma yawancin ramukan da ke cin hanyoyi da gidaje ba haka suke faruwa ba. Dutsen yana nan yadda yake. Ƙasar da ke samansa ce ke zurarewa ta bakin tsaga zuwa cikin kogon, kamar gero daga rumbun da ɓera ya huda ta gindi. Gurbi ya buɗe a cikin ƙasar, samansa ya lanƙwasa kamar bakan gizo na soro yana riƙe da kansa, yana ɓarɓashi yana hawa sama a hankali. Muddin ruwa ya cika wurin, yana tallafe da kusan rabin nauyin ƙasar. Da muka janye shi mita shida, mun ɗora wa ƙasar da ke can ƙasa ƙarin nauyin kusan tan shida a kan kowane fili mai mita ɗaya tsawo da faɗi, muka kuma sa ruwa na gudu yana kwasar laka. Ruwan saman ranar ya jiƙa ɗan ɓawon da ya rage, ya yi nauyi, ya sake.

Washegari aka kashe injunan zuƙa. Wani ya kawo shawarar a juye ƙasa a ramin a daddaɓe, Pakcik ya ce in an yi haka damina ɗaya za ta shanye ta, tunda maƙogwaron yana nan a buɗe. Sai aka jera manyan duwatsu a gindi, matsakaita a kansu, tsakuwa, sannan yashi, yadda ruwa zai wuce amma ƙasa ba za ta bi shi ba. Aka huda ramuka a kewaye ana tura kunun siminti don toshe tsagogin. Ni aka ba littafin ƙirga. Rami ɗaya ya sha mota uku bai cika ba. Da ta huɗu ta iso na dubi Pakcik, shi kuwa idonsa na kan agogon matsi, yana jiran allurar ta motsa.